Ƙanina ya fita daga ɗakin jarabawa da zazzaɓi, yanzu wace takarda zai kai?

Maman Hanif: Assalamu alaikum jama'a, dan Allah ku yi haƙuri da saƙon dare. Ƙanina ne yake mastas a Ingila, ya zo mana hutu nan Gwarinpa a Disamba ya koma ranar 4 ga Janairu. Ranar Alhamis 16 ga wata yana da jarabawa ta awa uku, tun safe ya ce jikinsa ba daɗi amma ya daure ya shiga, yana cikin rubutu sanyi ya rufe shi yana ta kakkarwa har biro baya iya riƙewa, ko awa ɗaya bai yi ba ya miƙa takardar ya fito ya je banɗaki ya yi ta amai. Tambaya ɗaya ya amsa cikin huɗu. Ya koma ɗaki ya sha Lonart ɗin da Umma ta saka masa a jaka da farasitamol, bai je asibiti ba. Sai yau Lahadi yake faɗa mana wai akwai wani fom da ake cikewa amma sai da takardar likita, shi kuma bashi da ita. Ga wata jarabawar ranar Laraba. Wanda ya san kan abin nan ya taimaka

Baba Audu Kubwa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Ai kar ki damu 'yata, JAMB suna sake yi wa waɗanda suka samu matsala, sai dai a riƙa duba sanarwa.

Maman Hanif: Amin Baba, amma ba JAMB ba ce, digiri na biyu ne kuma a Ingila yake

Baba Audu Kubwa: Au to. Ban karanta sama ba.

Dr. Rabi: Maman Hanif bari mu ajiye maganar fom tukunna. Mutum ya baro Abuja kwana 12 sannan ya kama zazzaɓi da kakkarwa da amai, a can ba a wasa da wannan, zazzaɓi bayan dawowa daga ƙasar da ake da maleriya abin gaggawa suke ɗaukarsa. Ya kira 111, lambar hukumar lafiyarsu ta NHS, yanzu ko ya tafi A&E, sashen gaggawa na asibiti, kai tsaye, kuma abin da zai fara faɗa musu shine ya dawo daga Najeriya ranar kaza, don in bai faɗa ba mura za su ɗauka tunda lokacinta ne. Ya tafi da kwalin maganin da ya sha ya faɗi ranar da ya fara da ranar da ya gama. Har yanzu yana jin jikin?

Maman Hanif: Ya ce zazzaɓin ya sauka jiya amma jiri da kasala suna nan, abinci ma baya shiga sosai. Anti Likita shi tunaninsa tunda ya riga ya sha magani ko an gwada ba za a ga komai ba

Dr. Rabi: A wani gwajin haka ne, a wani kuma ba haka ba. In aka shafa jini a gilashi aka duba da madubin likita, bayan kwana uku na magani zai yiwu ba a ga ƙwayar ba. Amma gwajin nan na sauri, irin wanda muke yi a kemis da ɗigon jini, yakan ci gaba da nunawa har makonni bayan an warke, saboda ba ƙwayar yake nema ba wani sinadarin da ta bari a jini ne. Kuma za su duba sauran jinin gaba ɗaya. Ko ma ba maleriyar ba ce ai gara a sani, mu duk zazzaɓi maleriya muke ce masa. In sun sallame shi ya ce su ba shi takardar sallama, ita ba a biya, kuma tana ɗauke da kwanan wata da abin da likita ya gani da idonsa.

Alhaji Bature: Hajiya duk wannan dogon zance ne. Ina da mutum a wani asibiti nan Wuse, gobe da safe zai rubuto takarda mai hatimi da kwanan watan Alhamis ɗin a ce maleriya ce mai tsanani, a ɗauki hotonta a tura masa. Shikenan an wuce wajen

Malam Sani: Alhaji ranka ya daɗe, da girmanka amma wannan ita ce hanya mafi sauri ta korar yaron nan. Ranar Alhamis ɗin yana zaune a ɗakin jarabawa a Ingila da katinsa a kan tebur an rubuta ya halarta, ta yaya likitan Wuse ya duba shi? Kuma suna tuntuɓar asibiti in sun yi shakka. Yanzu matsalarsa darasi ɗaya ce, in ya kai takardar bogi ta koma shari'ar maguɗi, daga nan har bizarsa sai ta taɓu.

Maman Hanif, lokacin da nake PhD a can na yi aikin gadin jarabawa shekaru, kuma na raka ɗalibai da yawa kan irin wannan. Kafin in yi dogon bayani ki tambayar min shi abu uku. Da zai fita ya faɗa wa mai gadin jarabawar cewa bashi da lafiya, ko miƙa takarda kawai ya yi ya fice? Kwana nawa makarantarsu ta bayar a cike fom ɗin? Sannan a dokarsu akwai inda aka rubuta fit to sit? Ya shiga shafin makarantar ya nemi Mitigating Circumstances, wasu suna ce masa Extenuating Circumstances, duk abu ɗaya ne.

Maman Hanif: Na kira shi. Ya ce ya ɗaga hannu wata mata ta zo ya ce mata zai yi amai, ita ta raka shi har ƙofar banɗaki, da ya fito ta tambaye shi zai koma ya ce a'a, ta tambayi lambarsa ta rubuta a wata takarda. Wa'adin kuma kwana 5 na aiki daga ranar jarabawar. Kuma eh wai akwai wannan fit to sit ɗin

Malam Sani: Alhamdulillah, wannan matar ta yi masa rabin aikin. Takardar da ta rubuta rahoton abin da ya faru ne a ɗakin, akwai lokacin da ya fita da dalili, kuma ofishin jarabawa take zuwa. Abin da ya sa take da nauyi, dokar fit to sit cewa take duk wanda ya shiga ya zauna to ya amince lafiyarsa ƙalau, ba zai dawo daga baya ya ce dama bani da lafiya ba. Ƙofar da suka bari ita ce wanda ciwo ya kama shi yana tsakiyar rubutu ya sanar da mai gadi nan take. Da shiru ya yi ya fita, ko ya daure ya kai ƙarshen awa ukun sannan ya zo da ƙorafi, da aikin ya yi wuya sosai.

Lissafin kwanaki kuma, Asabar da Lahadi basa ciki. Juma'a 17 ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis 23 ita ce ta ƙarshe. Ya duba ko sun sa ƙarfe nawa ake rufewa don wasu da yamma suke rufewa ba tsakar dare ba. Ni dai shawarata kar ya kai Alhamis, gobe Litinin ya cike ya tura ko babu takardar likita a hannunsa. Yawancinsu suna bari ka tura fom ka ce shaida tana tafe su ba ka wasu kwanaki, amma fom ɗin da ya makara sai ka kawo wani dalilin daban na abin da ya hana ka turawa a kan lokaci, kuma "ban san akwai wa'adi ba" basa karɓarsa.

Ummi A.: Ni dai abin da na sani in suka yarda maki suke ƙara masa. Ɗiyar yayata ta yi A-level a can tana fama da ciwo makarantar ta cike mata takarda aka ƙara mata maki, don haka ya kwantar da hankalinsa

Malam Sani: Ummi gaskiyarki a A-level da GCSE, can akwai wannan tsarin, amma ƙarin ma ɗan kaɗan ne, iyakarsa kashi 5 cikin ɗari na makin takardar kuma wannan sai babban abu kamar rasuwar uwa ko uba dab da jarabawa. Ciwon ranar jarabawa kashi 2 aka fi bayarwa. A jami'a kuwa ba a ƙara maki, ba wanda zai zauna ya ƙiyasta abin da da zai ci in da lafiyarsa lau. Abin da suke yi shine su soke wannan zaman kamar ba a yi ba, ya sake rubutawa a matsayin karo na farko.

Ummi A.: To in dai sake rubutawa zai yi meye amfanin wahalar fom ɗin? ai ko bai cike ba in ya faɗi za su bashi dama ta biyu

Malam Sani: Bambancin a makin yake. Mu ɗauka aikin gida na darasin kashi 30 ne jarabawa kashi 70, kuma ya ci 68 a aikin gida. Tambaya ɗaya cikin huɗu ko ya amsa ta da kyau bai wuce ya samu 18 ko 20 ba, in aka haɗa duka yana wajen 34, alhali makin wucewa a mastas 50 ne. Ya faɗi kenan. In babu fom zai maimaita amma an yi masa rufi, ko 80 ya ci 50 za a rubuta masa, kuma ya ƙone dama ɗaya, sau da yawa ma ita kenan ta rage. In an karɓi fom ɗin babu rufi, abin da ya ci shi za a rubuta, kuma damarsa ta biyu tana nan ajiye. Ga wanda yake neman sakamakon 60 ko 70 a ƙarshe, 50 a babban darasi tana jan mutum ƙasa ba kaɗan ba.

Nura Lugbe: Ku kuna ma da fom. Ni a aji uku a wata jami'a nan gida taifot ta kwantar da ni ana tsakiyar jarabawar zango na biyu, aka kai ni asibitin kuɗi kusa da gida na kwana huɗu da ƙarin ruwa, na kawo takarda mai kyau da rasit da komai, shugaban sashe ya ce sai asibitin makaranta ya sa hannu a kai, na je can suka ce me ya sa ba a sanar da su ba tun ina kwance, aka yi ta yawo da ni daga wannan ofis zuwa wancan har aka kai sakamako majalisar jami'a da F biyu a gaban sunana, kari-oba na kwasa wlh har yau abin yana min ciwo

Dr. Rabi: Nura wannan ya zama ruwan dare a nan. Duk mai ɗa a jami'ar gida ya riƙe, in yaro ya kwanta lokacin jarabawa ko a wane asibiti ne, wani ya je asibitin makaranta da ofishin sashe a ranar ya sanar a rubuce ya karɓi kwafi mai hatimi.

Maman Hanif: Allah sarki Nura. Malam to me zai rubuta a ciki? Ya turo min abin da ya fara, shafi guda ne yana ba da labarin yadda Baba ya sayar da fili aka biya kuɗin makaranta da yadda shi ne fatan gidanmu

Malam Sani: Hahaha ya goge wannan duka Hajiya, ni ma na san zafin amma kwamitin ba abin da suke nema kenan ba. Mutane ne da fom ɗari a gabansu, abu uku suke dubawa, abin ya zo ba zato ne, ya faɗo daidai lokacin jarabawar, kuma akwai wani wanda ba ɗalibin ba da ya tabbatar. Layi shida ko bakwai sun isa. Lambar darasin da ranar da lokacin jarabawar. Ƙarfe nawa kakkarwar ta fara, ƙarfe nawa ya sanar da mai gadi ta raka shi, cewa ya amsa ɗaya cikin huɗu bai iya komawa ba, cewa ya dawo daga Najeriya 4 ga wata, ya kwanta Juma'a da Asabar, ya je asibiti ranar kaza. A ƙarshe ya faɗi abin da yake roƙo ƙarara, a ba shi sabon zama ba tare da rufin maki ba. Ya kuma tura imel ofishin jarabawa yau ya ce a haɗa rahoton mai gadin da fom ɗinsa, imel ɗin kansa shaida ne tunda yana da kwanan wata.

Wuri ɗaya ne nake jin tsoro, maganar da kika yi cewa tun safe jikinsa ba daɗi. Kar ya ɓoye, amma ya faɗe ta yadda take, ɗan ciwon kai ne da ya ɗauka gajiyar karatu ce, abin da ya hana shi rubutu a ciki ya same shi.

Alhaji Bature: To ni a ganina ya cire zancen safen gaba ɗaya mana, wa ya gan shi? Kai da bakinka ka ba su sandar dukanka

Malam Sani: Likitan A&E zai tambaye shi yaushe ya fara ji, zai ce da safe, a rubuta a takardar sallama. Sai fom ya ce wani abu takardar asibiti ta ce wani. Wannan saɓanin ya fi zancen safen illa.

Alhaji Bature: Hmm. Ni dai ban gamsu ba amma ku kuka zauna can

Ummi A.: Tambaya, ba zai je wajen GP ɗinsa, likitan unguwa da yake rajista da shi, kawai ya karɓo takarda ba? naga kamar ya fi sauƙi akan zaman layin A&E na awa da awanni

Dr. Rabi: Samun ganin GP ɗin ma a kwana biyu aiki ne. Kuma takardar hutun ciwo basa bayarwa sai ciwon ya wuce kwana 7, ƙasa da haka cewa suke mutum ya shaidi kansa. Wasiƙa zuwa makaranta kuma ba ta cikin aikin NHS, biya ake yi kuma takan ɗau kwanaki. Babbar matsalar ma in likita bai gan ka kana ciwon ba abin da zai rubuta shine "ya shaida min cewa ya yi rashin lafiya ranar kaza", ka ga maganarka ce dai aka maimaita a takarda mai hatimi. Shi ya sa nake matsa ya je yau yana da sauran alamu a jikinsa.

Malam Sani: Haka ne, irin wasiƙar nan kwamiti sun san ta sarai, wasu makarantun ma sun rubuta a doka cewa ba ta wadatar ita kaɗai. Amma ya duba ko makarantarsu tana barin ɗalibi ya shaidi kansa na 'yan kwanaki ba takardar likita, da yawa suna da shi yanzu, sai dai suna iyakance sau nawa a shekara kuma wasu basa yarda da shi ga jarabawar da aka riga aka shiga.

Maman Hanif: Sannunku da ƙoƙari, jiya abokin zamansa ya raka shi sai asuba suka dawo. Maleriya ce, gwajin saurin ya nuna, sun ce jininsa ya ɗan yi ƙasa ya dawo a sake dubawa. An bashi takardar kuma ya tura fom ɗin ɗazu ya samu imel cewa ya shiga. Saura ta Laraba, shi ya dage zai shiga wai ya karanta ta sosai baya son abu biyu su taru masa

Dr. Rabi: Alhamdulillah. Ni a likitance ban so ba, mai jiri da ƙarancin jini awa uku a zaune yana tunani ba ƙaramin abu ba ne. Ga takardar asibiti a hannu mai kwanan watan Litinin, ba lokacin da ya fi wannan sauƙin ɗage ta.

Malam Sani: Ta fuskar doka Likita ta fi gaskiya. In ya shiga Laraba ya rufe wa kansa ƙofa, wannan karon ya san bashi da lafiya ya zauna, ko me ya ci shi kenan. Amma ban ce tunaninsa shirme ba ne. Makarantu da yawa sai Agusta suke sake zaman, lokacin yana tsakiyar rubutun kundinsa, manyan jarabawa biyu da kundi a wata ɗaya ba wasa ba. Sannan in sakamakon ƙarshe ya ja baya, bizar zama bayan karatu sai makaranta ta tabbatar ka kammala kuma bizarka ta ɗalibi ba ta ƙare ba kafin ka nema. Kwas na wata 12 ana ƙara masa wata huɗu a bizar, yawanci yana isa, amma ya je ofishin biza na makarantar su lissafa masa da kwanakinsa, kar ya dogara da ni.

Nura Lugbe: Ni fa da nine shiga zan yi, abin da ka karanta yau kafin Agusta ya gudu

Dr. Rabi: Nura kai da taifot ta kayar kake faɗin haka?

Nura Lugbe: Shi ya sa ai Anti, na ga yadda ɗagewa take ƙarewa

Maman Hanif: To in suka ƙi karɓar fom ɗin fa Malam, shikenan?

Malam Sani: A'a akwai ɗaukaka ƙara a cikin makarantar, ita ma da nata wa'adin, kuma ba a cewa kawai ban ji daɗin hukuncin ba, sai ka nuna sun saɓa dokarsu ko akwai sabuwar shaida da ba ka iya kawowa da farko ba. Ƙungiyar ɗalibai tana da masu ba da shawara kyauta kuma ba ƙarƙashin sashensa suke ba, ya je musu tun yanzu ma su duba abin da ya tura. In an gama duk matakan ciki za su ba shi wasiƙar Completion of Procedures, da ita ake zuwa OIA, hukumar da ke sauraron ƙorafin ɗaliban jami'o'in Ingila da Wales, cikin wata 12. Su ma basa taɓa maki, bin ƙa'ida suke dubawa. Amma da rahoton mai gadi da takardar A&E ban ga zai kai can ba.

Kan ta Laraba, ya buɗe dokar ya nemo min abu biyu ya ɗauko hoto, yaushe ne zaman gaba na jarabawar Janairu, don wasu a Mayu suke yi ba Agusta ba, in Mayu ne ni ma ina bayan Likita ya ɗage. Na biyu, in zai ɗage sai ya tura sabon fom ne kafin jarabawar ko ana iya ƙara darasin a wanda ya tura yau.

Maman Hanif: To bari in kira shi, yanzu ya kwanta wai, in ya tashi zan turo muku